Ba Ma Ɓarnar Ko Ɗigo

Ni na rubuta ƙaryar da hannuna, babu wanda ya riƙe mini wuya. Gara in faɗi wannan tun da fari, don in na yi nisa a labarin za ku ji ina neman jingina wa Alhaji, kuma bai kamata ku yarda ba.

A farkon shekarun casa'in ina akawu a wani ƙaramin otal a Haɗejiya, a gefen garin da ke kallon fadama. Ɗakuna goma sha biyu ne, da kicin, da ɗakin ajiya a can baya, da tankin ƙarfe a kan dogayen ƙafafu wanda inji ke turo wa ruwa daga rijiyar burtsatse. Ni ke karɓar baƙi, ni ke miƙa makulli, ni ke buga wasiƙun Alhaji mai otal a tafireta. Ina da shekara ashirin da wani abu, ina jin Turanci daidai gwargwado, kuma ina jin kaina fiye da gwargwadon.

A shekarun nan ruwa ne hirar kowa. Tun da aka datse kogi can sama, ambaliyar da iyayenmu suka saba da ita ta daina zuwa yadda take zuwa. Wasu fadamun sun bushe sun tsattsage, wasu kuma ciyawar kacala ta shaƙe su. Sai garin ya fara samun wasu irin baƙi, masu auna zurfin kogi da masu ƙirga tsuntsaye, su zo da motoci masu taɓo har gilashi su yi makonni. Alhaji ya lura cewa mutanen nan in suka ga famfo yana ɗiga sai su ɓata rai kamar an taka musu ƙafa. Ya kira ni ofis ya ce in rubuta takarda, da Hausa da Turanci, a rataya a kowane ɗaki, baƙi su san mu ma muna tattalin ruwa kuma ba ma tara shara.

Abin haushin shi ne muna da abin faɗa na gaskiya. Kowane banɗaki akwai bokiti da moɗa, don shawa ta daɗe da mutuwa a yawancin ɗakunan. Kwalaben lemo suna komawa wurin dila. Gwangwanayen madara da na tumatir masu ƙera fitilar aci-balbal ke zuwa su kwashe. Ɓawon doya da ragowar tuwo wani maƙwabcinmu mai kiwo ke ɗauka wa dabbobinsa. Ruwan ɗauraya kuwa, mai wankinmu ba ya yarda ya bi kwata.

Baba muke ce masa. Tsohon masunci ne daga wajen Guri, ya baro gida a shekarar da tafkinsu ya ƙi cika. Dogo ne, marar yawan magana, hannuwansa kullum a jeme. Baho uku yake jerawa: na sabulu, na ɗauraya ta farko, na ɗauraya ta biyu. Ruwan baho na uku shi ke zama na jiƙa kayan gobe, na biyu ya goge daɓen baranda da shi ko ya kai gindin darbejiya da mangwaron da ke tsakar gida. Babu wanda ya koya masa, babu wanda ya sa shi. In ya ga na bar famfo a buɗe ina wanke kofi sai ya zo ya rufe ya koma kan wankinsa.

Da na jera waɗannan a takarda sai na ga sun yi mini ƙanƙanta. Bokiti da ɓawon doya, wa zai burge? Sai na sa gishiri. Na rubuta cewa mun rage ruwan da muke kashewa da rabi. Na rubuta cewa babu wani abu daga otal ɗinmu da ke zuwa juji. A ƙasa, da manyan baƙaƙe, na buga: BA MA ƁARNAR KO ƊIGO. Ba mu da mita, ban taɓa leƙa cikin tankin ba, kuma da idona nake ganin ana loda ledoji da tokar kicin a baro ana kaiwa bola. Alhaji ya karanta ya ce alƙalamina ya fi ƙarfin shekaruna. Aka sa takardun a gilashi aka rataya.

Na karanta wa Baba ta Hausar, ina jiran yabo. Ya saurara har ƙarshe yana matse zanen gado.

"Rabin me, malam akawu?"

"Rabin ruwan da muke kashewa a da, Baba."

"A da nawa ne?"

Na yi dariya na ce ai magana ce ta baƙi. Ya shanya zanen, ya gyara bakinsa a kan igiya, sannan ya ce, "A wajenmu ba a yin ƙarya wa ruwa. Yana ji." Na tafi ina ba mutanen kicin labari, muna dariya.

A bazarar nan ne ɗakin ajiya ya fara ba mutane tsoro. Ƙaramin gini ne a bayan tanki, an yi shi shekara biyu kafin nan, aka cike ƙasansa da yumɓun da aka haƙo daga busasshiyar fadama, aka shafe da siminti. Tsofaffin katifu da karyayyun kujeru ke ciki, ba a cika buɗe shi ba. Da tsakar rana, lokacin da zafi ya kwantar da gari har kaji sun yi shiru, sai a ji wani sauti daga ciki, gajere, kamar tsoho yana gyaran murya a ƙarƙashin bargo. Ya yi sau ɗaya ko biyu, ya tsaya. Masu kicin suka daina bi ta nan, suna zagayawa ta gaba da kwanonin baƙi. Ni na ce ɓera ne. Amma wata rana na tsaya a bakin ƙofar na ji iska mai sanyi tana fitowa ta ƙasanta tana taɓa mini yatsun ƙafa, ga warin danshi irin na bakin tafki, a watan da ko gajimare babu a sama. Na bar wurin da sauri fiye da yadda na zo.

Baba kaɗai ke zama a inuwar bangon yana cin abincin rana. Ya taɓa ce mini, "Ƙasan ɗakin nan tana numfashi. A duba." Na ce masa in aljanu ne su zo su karɓi makulli kamar kowa.

Sai wata baƙuwa ta sauka, injiniyar ruwa, mutuniyar Filato, mace mai fara'a da Hausa a bakinta tas. Ta zo duba wurin da abokan aikinta za su zauna in damina ta faɗi. Washegari ta sauko da takardata a hannu, ta ciro ta daga ƙusa, ta ajiye a gabana a kantar karɓar baƙi.

"Malam, wa ya rubuta wannan?"

Na gyara wuyan riga na ce ni ne, Madam.

"Ta yi kyau. Da me kuka auna?"

Na fara zagaye-zagaye. Ta bar ni har na gaji, sannan ta ce ba faɗa ta zo yi ba. Ta ce in mutum ya ce ya rage, dole akwai abin da ya auna a da da abin da ya auna yanzu, da ma'auni ɗaya. In babu, to ya faɗi abin da yake yi kawai, wanda baƙo zai iya zagayawa baya ya gani. Ta ce bahon tsohon nan guda uku sun fi manyan baƙaƙena gamsar da ita. Ta nuna mini yadda zan sami doguwar sanda in yi mata tsaga-tsaga, in tsoma a tanki safe da yamma, in rubuta tare da yawan baƙin da suka kwana. Ta ce za ta Guri da Malam Madori, in ta dawo bayan mako biyu za ta so ta ga littafin.

Na ji haushinta ƙwarai, har na ƙi cin abinci. Amma na yi sandar, don in nuna mata.

Kwana biyar ina hawa tsanin tanki ina tsoma sanda, kuma abin da na gani ya ɗaure mini kai. Ranar da baƙi takwas suka kwana da ranar da biyu suka kwana, bambancin kaɗan ne. Ruwa yana sauka kamar otal ɗin a cike yake da wasu baƙin da ba su biyo ta kantata ba. Ina tsaye a saman tsani da rana tsaka, tsakar gida babu kowa, duk ƙofofi a rufe, in kara kunne a jikin bututun da ke sauka in ji yana wani siririn tsaki.

Ga inda na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Ruwa ba ya tsami banza, na san haka. In akwai yoyo, to takardata ƙarya ce tun daga kanta har ƙafarta, a ɗakuna goma sha biyu, cikin gilashi. In kuwa mutum ne ke kwasa, takardata tana nan da mutuncinta, an dai ci amanarmu ne. Na kai wa Alhaji littafin. Ya duba, ya tambaye ni wa ya fi kowa taɓa ruwa a gidan nan.

Na ce, "Mai wanki ne, Alhaji."

Ban ce ya sata ba, ban ce yana sayar wa 'yan garuwa ba. Na dai yi shiru lokacin da Alhaji ya faɗi haka da bakinsa, kuma ban ambaci tsakin bututu ko sanyin ƙasan ƙofa ba. Alhaji mutum ne mai saurin fushi, ga baƙin damina yana hange, ba ya son matar nan ta dawo ta tarar ruwan tanki yana ɓacewa. Aka kira Baba.

Ya shigo ya tsuguna a bakin ƙofa. Alhaji ya yi ta faɗa. Da ya gama, Baba ya ce, "Alhaji, ni ruwa ne ya koro ni daga gida. Ban taɓa ɗibar abin da ya wuce bahona ba." Bai rantse ba, bai roƙa ba. Ya dube ni sau ɗaya, na sunkuyar da kai ina gyara takarda a tafireta. Kafin la'asar ya kife bahonsa uku a jikin bango, ya naɗe tabarmarsa, ya fita.

Aka kawo sabon mai wanki, wanda ke sakin famfo a kan kaya yana waƙa. Na ci gaba da tsoma sanda ina fatan in ga sauƙi. A ranakun da ba a yi wanki ko ɗaya ba, ruwan bai fasa sauka ba. Sautin ɗakin ajiya kuma ya ƙaru, yanzu har da wani motsi, kamar ana jan jiƙaƙƙen tsumma a ƙasa. Tunda babu mai zama a inuwar bangon, bayan otal ɗin ya zama wurin da ko akuya ba ta tsayawa.

Da injiniyar ta dawo ta duba littafin, ba ta daɗe ba ta ɗago kai. Ta ce wannan ba hannun mutum ba ne, mutum yana barci yana zuwa kasuwa, wannan kuwa ba ya hutawa. Ta tambayi ina tsohon nan mai baho uku. Na ce ya tafi gida. Ta dube ni, ta rufe littafin.

Ranar Juma'a ce. Ta ce mu yi gwaji lokacin da kowa ya tafi masallaci. Kafin in fita muka kashe inji, muka bi ɗaki-ɗaki muka rufe kowane famfo, muka duba tankunan masai babu mai zuba, na tsoma sanda na yi alama. Ita ta zauna a baranda tana gadi. Da na dawo na hau tsani, ruwan ya sauka yatsa uku ƙasa da alamar, a gidan da babu wanda ya ɗebi ko moɗa. Sai ta sa na rufe makunnin bututun da ke zuwa ɗakunan baƙi, tsakin bai tsaya ba. Na rufe na kicin, bai tsaya ba. Saura wani tsohon makunni mai tsatsa a ƙasa, wanda ban san inda bututunsa ya nufa ba. Da ƙyar ya juya. Tsakin ya ɗauke, sai na ji shirun wurin ya yi mini yawa.

Muka buɗe ɗakin ajiya. Katifun da ke ƙasa sun yi baƙi da ruma. Simintin ya tsage daga kusurwa zuwa tsakiya, kuma a cikin tsagar wasu fararen tsirrai sun fito, dogaye, marasa kore ko kaɗan, duk sun karkata wajen hasken ƙasan ƙofa. Na taka daɓen na ji ya ɗan lotsa. Muna tsaye sai sautin ya zo daga ƙarƙashin ƙafafunmu. Ko injiniyar sai da ta ja baya ta riƙe ƙofa.

Washegari mai gyaran famfo ya zo da diga. Ashe tsohon bututun ƙarfe ne da ke kai ruwa wani wurin alwala da aka rushe tun kafin zuwana. An toshe bakinsa aka yi gini a kansa, tsatsa ta ci shi ta huda. Ƙarƙashin simintin duk ya zama taɓo, har da ɗan kwarmi da ruwa ya kwanta a ciki. Mai gyaran ya sa hannu yana laluben bututun, sai ya fizge hannun ya yi salati.

Taɓon ya motsa, wani abu dogo mai launin toka ya miƙo kai, ya buɗe baki ya ja iska, ya yi wannan sautin da muka yi wata biyu muna gudu. Gaiwa ce. Ta kai tsawon damtsena, da ƙananan idanu da wasu siraran ƙafafu kamar zare. Kowa a ƙasarmu ya san gaiwa tana shigewa taɓo in tafki ya ƙafe, ta naɗe ta kwanta har ruwa ya dawo. Wannan an haƙo ta cikin yumɓu ba a sani ba, aka binne ta a ƙarƙashin siminti, ta yi ta kwana har ruwan tankinmu ya tashe ta. Mai gyaran ya ce a ba shi ya kai gida a yi miya. Na hana, ban san dalili ba. Na sa ta a bokiti na kai ta wani gurbin ruwa da ya rage a kogi, ta nutse ba ta ko kaɗa ruwan ba.

Alhaji ya zo ya leƙa ramin, ya ce Allah ya kyauta. Ya ce in an sami Baba a ce ya dawo. Sannan ya ce in cire takardun nan kafin wani ya ƙara ba mu kunya.

Sabuwar takardar ta ɗauke ni kwana uku, ita da ba ta kai rabin shafi ba. Duk layin da na rubuta sai in tambayi kaina ko zan iya kama hannun baƙo in kai shi ya gani. Na rubuta cewa akwai bokiti a banɗaki kuma muna roƙon a yi wanka da shi. Na rubuta cewa ana canza tawul da zanen gado in baƙo ya nema ko in ya tashi. Na faɗi inda kwalabe da gwangwanaye da ragowar abinci ke zuwa, na kuma faɗi cewa leda da toka har yanzu bola muke kaiwa. Na rubuta cewa mun gano bututu yana yoyo a ƙarƙashin ƙasa mun yanke shi, ba mu san tsawon lokacin da ya yi yana zuba ba, kuma ba mu san yawan abin da ya zuba ba. Na ce mun fara auna tanki kullum, littafin yana kantar karɓar baƙi ga mai son gani. Layin ruwan ɗauraya da ake kai wa bishiyoyi na buga shi, na zagaya baya na ga kumfa tana bin kwata, na dawo na cire shi. Injiniyar ta karanta ta ce wannan za ta iya nuna wa abokan aikinta.

Sai bayan an yi ruwan farko na sami zuwa ƙauyensu Baba. Na same shi a zaure yana ɗinkin komar kamun kifi, ko da yake tafkin da na wuce a hanya bai fi a tsallake shi da ƙafa ba. Ya karɓe ni da kyau, ya sa aka kawo mini ruwa. Na ba shi labarin bututu da gaiwa, bai yi mamaki ba. Na ce Alhaji ya ce ya dawo. Na ce ni ne na ambaci sunansa, kuma na san ba shi ba ne tun lokacin da nake faɗa. Na roƙe shi gafara.

Ya ce ya yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Komawa kuwa a'a. Ya ce labarin ya riga shi isowa gida, direbobin tasha sun kawo, har surukinsa ya ji cewa an kore shi a birni don satar ruwa.

Na ciro sabuwar takardar daga aljihu, don na zo da ita in nuna masa na gyara. Ya ce in karanta. Na karanta a hankali, yana gyaɗa kai a kowane layi. Da na kai ƙarshe ya jira, kamar akwai saura.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Baba."

"Wannan duk gaskiya ce," in ji shi. "To ina wajen da ka rubuta ba ni ba ne?"

Na ce ai takardar baƙi ce, ba a sa irin wannan a ciki. Ya ce to, ya jawo komarsa kan gwiwa ya nemo inda ya tsaya.